Yadda Ake Zoben Sauti Wanda Kunne Ba Zai Gane Mahaɗarsa Ba

'Yan uwa ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa ya fi shafar 'yan sashen koyon aikin jarida da ake bai wa aikin wasan kwaikwayon rediyo, da 'yan kwamfuta masu haɗa ƙananan wasanni na waya, da kuma duk wanda yake son ƙarar ruwan sama ta riƙa zuba masa a kunne yana karatun dare. Matsalar dukkansu ɗaya ce. Kana da rikodin na sakan arba'in, alhali abin da kake buƙata minti huɗu ne, ko ma awa guda. Dole sautin ya riƙa komawa farko idan ya kai ƙarshe. Masu sitidiyo suna kiran wannan luf, ni kuwa zan riƙa ce masa zobe, domin abin da ake nema ke nan: a rasa inda ya fara da inda ya ƙare.

Danna maɓallin maimaitawa ba shi ne aiki ba, kowace waya tana da shi. Aikin yana wurin mahaɗa, wato daidai inda wutsiyar sautin take taɓa kansa. Zan yi amfani da manhajar Audacity, saboda kyauta ce kuma tana tashi ko a tsohuwar laftof. Misalin da za mu bi daga farko zuwa ƙarshe shi ne ruwan sama a kan rufin kwano, sannan mu taɓa kiɗa, domin dokarsa daban ce.

Abin da kunne yake kamawa a mahaɗa

Idan ka buɗe rikodin a Audacity ka yi ta zuƙo hoton, za ka ga igiyar sautin ta koma ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo awo ne guda na inda fatar sifika za ta tsaya a wannan lokacin, ana ce masa samfur. A yawancin fayiloli akwai samfur 44,100 a cikin kowace sakan, na bidiyo kuma galibi 48,000. A sautin da ba a yanka ba, kowane ɗigo yana biyo maƙwabcinsa ne bisa yadda sautin yake tafiya. To ka ɗauka ɗigon ƙarshe na fayil ɗinka yana can sama, na farko kuma yana can ƙasa. Idan zoben ya juyo, fatar sifika sai ta yi tsalle daga sama zuwa ƙasa a lokaci guda, ka ji "ƙas". Wannan ita ce matsalar da kowa ya sani.

Audacity yana da maganinta. Ka zaɓi yankin da kake so ka danna `Z`, sai ya ɗan matsar da gefunan zaɓin zuwa inda igiyar take ratsa layin tsakiya, inda ƙarfinta sifili ne. Farko sifili, ƙarshe sifili, babu tsalle. Da yawa daga cikinmu nan suke tsayawa, su ce an gama. Amma `Z` ƙas kawai yake kashewa, kuma idan fayil ɗin na kunne biyu ne, hagu da dama, ba lallai ba ne igiyoyin biyu su ratsa layin a wuri ɗaya, don haka wani lokaci ɗaya kunnen yana nan da ɗan ƙas ɗinsa.

Abin da ya fi ƙas tona asiri shi ne canjin yanayi. Ruwan sama ba ya zuba da ƙarfi ɗaya. A sakan ta farko yana iya zama yayyafi mai kauri, zuwa ta talatin iska ta kaɗo shi ya ƙara tsauri. Ko babu ƙas, idan ya juyo za ka ji kamar an rufe taga farat ɗaya. Sai kuma abu na uku, wanda ba a mahaɗa yake ba sam: duk wani sauti da kunne zai iya shaidawa. Zakara ya yi cara, babur ya yi hon, wani ya ja bokiti. Karo na farko ba komai. Karo na biyu mai sauraro zai ce kamar na ji wannan. Karo na uku ya daina bin labarin wasan, ya koma jiran zakara.

Tun daga wurin ɗauka

Rabin wahalar ana rage ta ne kafin a zauna gaban kwamfuta. Ka ɗauki fiye da abin da kake buƙata. Idan zoben sakan talatin kake so, ɗauki minti biyu ko uku don ka sami zaɓi. Ajiye wayar a kan wani abu mai laushi, kada ka riƙe ta, domin motsin yatsa a jikinta yana shiga makirfo da ƙarfi. Kada kuma ka sa ta dab da indararo, inda ɗigo ɗaya mai nauyi yake faɗowa a kan roba, sai dai in shi kake nema.

Akwai wani abu da wayoyi suke yi da ya kamata ka sani. Yawancin manhajojin ɗaukar murya an gina su ne don magana, saboda haka suna ɗaukar ƙarar ruwa a matsayin hayaniyar da za a danne. Alamar ita ce ruwan ya fara da ƙarfi, bayan 'yan sakanni ya dusashe ya koma kamar ana murza leda. Idan manhajarka tana da zaɓin kashe rage hayaniya, ko zaɓin ɗaukar kiɗa, yi amfani da shi. Sannan ka kai fayil ɗin kwamfuta ta kebul, ko ka tura shi a matsayin takarda. Kada ka ɗauka da saƙon murya na WhatsApp, matsewar da yake yi tana lalata irin wannan sauti mai yaushi.

Da ka buɗe shi a Audacity, duk wani gyara na gaba ɗaya ka yi shi yanzu, tun ba ka yanka komai ba. Ni nakan sa `High-Pass Filter` a wajen 80 Hz don cire gurnanin iska da ke bugun makirfo, sannan `Normalize` zuwa -3 dB, da alama a kan `Remove DC offset`. Dalilin yin su da wuri zai fito nan gaba kaɗan.

A yanka a tsakiya, a juya

Saurari rikodin ɗin duka da iyafis, ka nemo sakan talatin da babu komai a cikinsu sai ruwa. Yankin da ya fi gundura shi ne ya fi kyau. Ka lura kuma farkonsa da ƙarshensa su yi kusa da juna a ƙarfi. Idanunka ma za su taimaka, kaurin igiyar a gefe biyun ya zama kusan ɗaya. Zaɓi yankin, danna `Ctrl+T` ya zubar da sauran, sannan ka jawo abin da ya rage zuwa sifili.

Ga dabarar da darasin nan duka ya rataya a kanta. Mahaɗar da ke gefen fayil tana da wuyar gyara, domin rabinta yana ƙarshe rabinta yana farko, ba ka ganinsu tare. To sai mu ɗauko ta mu kawo ta tsakiya, mu kai wata mahaɗa mai lafiya gefen. Ina za mu samo mai lafiyar? Ko'ina a cikin rikodin ɗin. Duk inda ka yanka a tsakiya, ɗigon da ke hagun yankan da na damansa maƙwabta ne tun asali, haka makirfo ya ji su ɗaya bayan ɗaya.

Zaɓi daga sifili zuwa sakan 15 daidai, ta hanyar rubuta lambobin a akwatin zaɓi na ƙasan allo, ka kira `Split New` daga jerin `Edit`. Wannan zai ɗauke rabin farko ya kai shi sabon layi a ƙasa. Mu kira rabin farkon A, na biyun B. Yanzu ka kama B ta samansa ka jawo shi hagu har ya manne da sifili, ya zama yana daga 0 zuwa 15. Shi kuma A ka tura shi dama, amma ba zuwa 15 ba, ka tsayar da farkonsa a sakan 12. Ka ga ke nan daga 12 zuwa 15 layukan biyu suna kan juna, wutsiyar B a sama, kan A a ƙasa. Sabon tsawon ya zama sakan 27.

Dubi abin da ya faru. Fayil ɗin yanzu yana ƙarewa da ƙarshen A, yana farawa da farkon B. Idan ya juyo, ƙarshen A zai faɗa kan farkon B, wato daidai inda muka yanka, inda babu tsalle, babu canjin yanayi, ko `Z` ba a buƙata. Muguwar mahaɗar kuwa ta dawo tsakiya, kuma mun ba ta fili na sakan uku da za mu narkar da ɗaya cikin ɗaya.

Zaɓi daga 12 zuwa 15 a kan layukan biyu tare, ka kira `Crossfade Tracks` daga jerin `Effect`. B zai riƙa sauka a hankali yayin da A yake hawa. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Masu aikin rediyo a zamanin tef na faifai da reza suke yanka tef ɗin, kuma a karkace suke yankawa, ba a miƙe ba, domin karkacewar tana sa sautin ɗaya ya shige cikin ɗaya na ɗan ƙanƙanin lokaci.

A cikin akwatin da zai fito akwai `Fade type`, kuma nan ne ake yawan barin abin da aka tarar. Idan ka bar shi a `Constant Gain`, a tsakiyar narkewar kowane layi yana rabin tsayinsa. Kai ka ce rabi da rabi ɗaya ne. Haka ne idan igiyoyin biyu iri ɗaya ne sak, suna hawa tare suna sauka tare. Amma ruwan sakan ta farko da ruwan sakan ta talatin ba su san juna ba. Wani lokaci su taru, wani lokaci su soke juna. A irin wannan hali ƙarfin sauti ne ake tarawa, shi kuma yana tafiya ne da tsayin igiya sau kansa:

```
0.5² + 0.5² = 0.5
0.707² + 0.707² ≈ 1
```

Layin farko yana nuna maka cewa ƙarfin ya faɗi zuwa rabi, wato ragin desibel uku. A kunne za ka ji kamar ruwan ya ɗan ja numfashi a kowane zagaye, ya lafa sannan ya dawo. Layi na biyu shi ne abin da `Constant Power 1` yake yi, yana riƙe kowane layi a wajen kashi 71 cikin ɗari a tsakiya, sai jimillar ta tsaya daram. Don haka ga ruwa, iska, hayaniyar kasuwa, kukan gyare da dare, shi za ka zaɓa. Akasin haka ma gaskiya ne: idan ɓangarorin biyu kusan abu ɗaya ne, kamar dogon sauti guda na fiyano, `Constant Power 1` zai sa tsakiyar ta kumbura, a nan `Constant Gain` ya fi.

Me ya sa sakan uku? Ba doka ba ce. Idan ruwan ya yi kama sosai a gefe biyun, sakan ɗaya ma ta isa. Idan akwai bambanci, ƙara zuwa biyar don canjin ya zama kamar iska ce ta sauya. Abin da nake guje wa shi ne dogon narkewa a kan hayaniyar mutane, domin muryoyi biyu da suke kan juna na sakan takwas sukan sa kasuwar ta cika ta batse a wuri ɗaya.

Idan ka gamsu, zaɓi layukan biyu ka yi `Tracks > Mix > Mix and Render`, su koma layi ɗaya. Daga nan kada ka ƙara taɓa gefunan. Kada ka sa masa shigowa a hankali ko fita a hankali, kada ka datse ko ɗigo ɗaya. Shi ya sa na ce a yi tacewa tun farko: matata tana aiki ne da abin da ya gabata a igiyar, a farkon fayil kuwa babu abin da ya gabata, sai ta ɗan sauya ɗigogin farko, mahaɗar da muka samu kyauta ta lalace.

Maganar janareta

Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin da wuya ka ɗauki sauti a hostel babu jen yana kuka a wani wuri. Wutar lantarkinmu tana juyawa sau 50 a sakan, kuma ƙugin da take bari a rikodin yana kan 50 Hz da ninkinsa, 100, 150, haka dai. Ƙugi ba kamar ruwa ba ne, igiya ce mai tsari. Zagaye ɗaya na 50 Hz milisakan 20 ne. Idan ka ɗora A a kan B ya zamana sun saɓa da milisakan 10, ɗaya yana hawa ɗaya yana sauka, sai su kashe juna a tsakiyar narkewar. Abin dariyar shi ne mai sauraro bai ma lura da ƙugin ba sai da ya ɓace na sakan guda ya dawo. Idan ka ji haka, ko dai ka matsar da A da 'yan milisakanni kafin ka narkar, kana gwadawa har ƙugin ya daina nutsewa, ko kuma ka koma farko ka cire shi da `Notch Filter`. Na jen ya fi taurin kai, saboda gudun injin yana hawa yana sauka idan an ƙara masa kaya, ƙugin ba ya tsayawa a lamba ɗaya. In ya yi yawa, gara ka jira wani ruwan.

Gwaji

Kada ka yarda da kunnenka kai kaɗai, domin ka san inda mahaɗar take, idonka yana kan allo. Yi `Repeat` sau uku, ka kunna wa abokin ɗakinka ba tare da ya ga allon ba, ka ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji wani abu ya canja ko ya dawo. Idan ya ɗaga a sakan 13 ko 14, narkewar ce ba ta zauna ba. Idan a 27 ne, ka taɓa gefe. Idan kuwa a wani wuri ne daban kuma kullum wuri ɗaya, akwai sautin da ya shaida, sai ka nemo shi. Akwai kuma gwajin ido: canja kallon layin zuwa `Spectrogram`, ƙas yana fitowa a matsayin siririn layi a tsaye daga sama har ƙasa. Ka gwada da iyafis, ka kuma gwada da sifikar waya, domin kowanne da abin da yake fallasawa. Iyafis yana nuna ƙugi, sifikar waya tana nuna ƙas. In ka gama, `Ctrl+Z` zai mayar da kai zobe ɗaya.

Ga wasan rediyo na minti huɗu, sakan 27 zai zagayo kusan sau tara. Idan kana tsoron a gane, akwai wata dabara mai sauƙi. Yi zobe na biyu daga wani yanki daban na rikodin ɗin, mai tsawon sakan 20, ka ɗora su tare. Domin tsawonsu ya bambanta, ba za su sake haɗuwa yadda suka fara ba sai bayan sakan 540, minti tara ke nan, wasanka ya daɗe da ƙarewa. Brian Eno ya yi amfani da zobban tef masu tsawo daban-daban ta irin wannan hanya a faifansa na 1978 mai suna Music for Airports. Sharaɗin kawai kada zobban biyu su fito daga yanki ɗaya, in ba haka ba idan suka kusanci juna za ka ji sautin ya koma kamar daga cikin bututu. Tsawa da buɗe ƙofa da carar zakara kuwa, a layi na daban za ka sa su, kowanne sau ɗaya, a inda labarin yake buƙata.

Idan kiɗa ne

A kiɗa ba ka da 'yancin narkar da sakan uku, domin bugu biyu za su hau kan juna su rikice. Nan tsawon zoben shi ne komai. Idan kiɗan a kwamfuta aka haɗa shi kuma ka san gudunsa, lissafi ne kawai. A ce bugu 100 ne a minti, kana son bugu 16:

```
60 / 100 = 0.6
0.6 × 16 = 9.6
9.6 × 44100 = 423360
```

Kowane bugu sakan 0.6 ne, zoben sakan 9.6, wato samfur 423,360. Sai ka sauya akwatin zaɓi zuwa `samples`, ka sa farkon zaɓin dab da tashin bugun farko, ka rubuta wannan lamba a matsayin tsawo. Kuskuren milisakan 30 a takarda ba komai ba ne, amma a kunne kiɗan zai riƙa ɗingishi a kowane zagaye, kamar mai rawa ya taka dutse. Ka yi hattara da `Z` a nan: yana matsar da gefe kaɗan, wanda galibi ba ya cutarwa, amma idan zoben zai tafi tare da wasu layukan kiɗa na tsawon mintuna, ɗan bambancin yana taruwa har su rabu.

Idan kuwa makaɗi ne na gaske, a ce ka ɗauki mai kalangu a wurin biki, manta da lissafi. Hannun mutum ba agogo ba ne, kuma ba dole ne kiɗan ya rabu huɗu-huɗu ba. Saurara kana tafi har ka gane inda salon yake komowa, sannan ka yanka daga gab da wani bugu zuwa gab da takwaransa a zagaye na gaba, nisa ɗaya daga bugun a duka gefen. Kalangu yana da ƙarin wahala, saboda makaɗin yana matse tsirkiya da hammata yana sauya muryar gangar. Bugu biyu suna iya zama a wuri ɗaya a salon amma ɗaya muryarsa sama ɗaya ƙasa. Nemi zagayen da ya ƙare a muryar da zai iya miƙa wa farkonsa.

Sai batun amo. Bugun ƙarshe yana da jela, yana ci gaba da ringi bayan an buga shi, a ɗaki ko a fili. Idan ka ɗauki zoben daga farkon kiɗan, inda shiru ya gabace shi, duk juyowa jelar za ta yanke kamar an toshe bakin ganga da hannu. Mafita mafi sauƙi ita ce ka ɗauki zagaye na biyu ko na uku, domin farkonsa yana ɗauke da jelar wanda ya gabace shi. Idan babu hali, kwafi jelar da ta wuce iyakar zoben, kamar rabin sakan zuwa sakan ɗaya, ka sa ta a sabon layi daga sifili, ka sauke ƙarshenta a hankali, ka gauraya. Sauran ɗan ƙas da ya rage kuma, dabarar juyawar nan tana aiki, sai dai narkewar ta zama milisakan 10 zuwa 20, a cikin ɗan sararin da ke gaban bugu. Ka tuna narkewa tana cin tsawo, don haka ka zaɓi yankinka da rarar daidai wannan adadin tun farko. Kuma tunda juyawa tana sa zoben ya fara daga tsakiyar salon, ka yanka a kan wani bugu mai ƙarfi. Idan kiɗan wani ne kuma za ka fitar da aikin waje, nemi izininsa.

Inda MP3 yake ɓata aiki

Mutum zai yi duk abin nan daidai, ya fitar da fayil a MP3, ya kunna, sai ya ji ɗan gibi a kowane zagaye, ya koma yana zargin yankansa. Ba yankan ba ne. MP3 yana adana sauti ne a ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi samfur 1,152, kusan milisakan 26. Wajen matsewa ana ƙara ɗan shiru a farkon fayil, a ƙarshe kuma a cike ƙunshin da bai cika ba da wani shirun. Wasu manhajojin sun san yadda za su tsallake wannan ƙari, da yawa ba su sani ba. Saboda haka zoben kansa a WAV za ka ajiye shi. Sakan 27 na kunne biyu bai kai megabait biyar ba. Masu haɗa wasannin waya da suke son ƙaramin fayil su yi amfani da OGG, shi yana riƙe ainihin tsawon sautin.

Ko da WAV ɗin ma, manhajojin sauraron kiɗa na waya da yawa sukan ɗan tsaya kafin su koma farko. Ga mai son ruwan karatun dare, mafita ita ce kada ka bar wa wayar aikin juyawa. Yi maimaitawar a cikin Audacity: `Repeat` da 133 zai ba ka kwafi 134, awa ɗaya da sakan 18. Yanzu kana iya sa shigowa da fita a hankali a gefunan wannan dogon, ka fitar da shi MP3 sau ɗaya, gibin ya zama a farko da ƙarshe kawai. A 96 kbps zai kama wajen megabait 43, maimakon sama da 600 da WAV zai ci. Idan laftof ɗinka tana nishi da fayil mai tsawon awa, kuma kana da ffmpeg, layi ɗaya zai yi maka maimaitawar da matsewar:

```
ffmpeg -stream_loop 133 -i ruwa.wav -b:a 96k ruwa_awa1.mp3
```

'Yan wasan rediyo ku ma haka: ku jera kwafin WAV ɗin a ƙarƙashin muryoyin 'yan wasa a cikin aikin, ku sauke ƙarfinsa har magana ta fito sarai a sifikar waya, sai a ƙarshen komai ku fitar da MP3 ɗin da za ku miƙa wa malam.